Tafintan da haruffa suka tona wa asiri

A littafi na uku na jerin labaran zane na Asterix, wanda ya fito a Faransa a 1963, akwai wani tafinta mai suna Cloridric da ya shiga tsaka mai wuya. Mutanensa Gotawa, kakannin Jamusawa a cikin labarin, sun sato Panoramix, bokan ƙauyen su Asterix, domin ya haɗa musu tsimin da za su ci duniya da yaƙi. Sarkinsu Téléféric ba ya jin yaren boka, don haka sai ta bakin tafinta. Ya kuma gindaya sharaɗi: in boka ya ƙi, har da tafintan za a kashe. Boka ya ƙi ƙememe. Tafinta ya dubi wuyansa, ya juya ya ce wa sarki ai ya yarda, lokaci kawai yake nema. Haka ya yi ta jan ƙarya, har ranar da boka ya buɗe baki ya yi wa sarki magana kai tsaye da yaren Gotawa. Ashe duk abin da ake faɗa tun farko yana ji.

Abin lura shi ne duk wannan da Faransanci aka rubuta shi. Sarki Faransanci yake yi, boka ma haka, tafinta ma haka. Babu kalma ɗaya ta Jamusanci da mai karatu zai tsaya nema. Abin da ya raba yarukan biyu zubin haruffa ne kawai. Mutanen Gol, wato su Asterix, suna magana da haruffan hannu na yau da kullum, su kuwa Gotawa da haruffan nan masu kauri da kusurwoyi da ƙawa, irin na tsofaffin littattafan Jamus, waɗanda ake kira Gotik. Saboda haka ranar da asirin tafinta ya tonu, mai karatu ya gane tun kafin ya karanta jimlar. Ido na sauka kan balan-balan ɗin maganar boka ya ga haruffan sun sauya, shi ke nan dariya ta zo.

René Goscinny ne ya rubuta labarin, Albert Uderzo ya zana, kuma tun 29 ga Oktoba 1959 suka fara fitar da Asterix a mujallar Pilote. Dabarar da suka yi a nan ta ɗora mai karatu sama da kowa a cikin labarin. Yana jin sarki, yana jin boka, yana kuma ganin daidai inda tafinta ya murɗe zance. Da marubucin ya sa Jamusanci na gaske, da yaron Faransa ya zama kamar Asterix, ba ya jin komai. Da kuma ya bar kowa da haruffa iri ɗaya, da ba a ga dalilin tafinta ba. Wannan shi ne aikin farko da haruffan suke yi, aikin raba murya, kuma duk mai fassarar da ya rushe shi ya rushe labarin ɗungurungum.

Akwai aiki na biyu, wanda ya fi wuyar ɗauka zuwa wani harshe. Bafaranshen da ya karanta labarin a Pilote tsakanin 1961 da 1962, bai kai shekara ashirin da ganin sojojin Jamus sun bar Paris ba. Yana ganin haruffan Gotik, ga kuma kwalkwali mai tsini a kan Gotawa irin na sojan Jamus na yaƙin duniya na farko, sai ya ji takun sawun soja da tsawar kwamanda. Haruffan ba su da wannan ma'ana a jikinsu. Abin da mai karatu ya taɓa gani ne ya ba su ita. Tarihi ma ya yi nasa barkwancin a nan, domin gwamnatin Hitler da kanta ce ta soke wannan rubutu a watan Janairun 1941, da takardar da Martin Bormann ya sa wa hannu, bisa ƙaryar cewa wai haruffan Yahudawa ne. Wannan bai canza komai a idon maƙwabta ba, har yau in mai fosta yana son a ji ƙanshin Jamus, su yake ɗaukowa.

To, a kai littafin Jamus ɗin kanta. A can waɗannan haruffa ba na baƙo ba ne, na kaka ne, na tsohon littafin addu'a da allon gidan giya. Gwajin farko ya ƙare da rigima. A 1965 wani mawallafi, Rolf Kauka, ya fitar da Asterix a mujallarsa da sunan Siggi, ya mayar da mutanen Gol Jamusawan Yamma, Gotawa kuma 'yan gurguzun Jamus ta Gabas, maganarsu da jan tawada. Ya gane cewa kamannin rubutu na ɗauke da tsokana, sai ya cire ta marubutan ya cusa tasa siyasar. Goscinny da Uderzo suka ƙwace izinin. Daga 1968 Gudrun Penndorf ta karɓi fassarar, aka koma ga labarin yadda masu shi suka tsara.

Sauran al'ummu ma sun sha

Da dabarar ta karɓu, sai suka yi ta juya ta. A littafin Kiliyobatira na 1965 Misirawa suna magana da 'yan hotuna irin rubutun Fir'auna. A na 1967, inda Asterix ya shiga sojan Rum, akwai wani Bamisire da ya ɗauka masaukin shaƙatawa aka kawo shi, kuma hotunan da ke fita daga bakinsa irin alamomin nan ne na littafin jagoran matafiya. A na wasannin Olamfik na 1968 Girkawa suna magana da haruffa masu kusurwa kamar an sassaƙa su a dutse. Waɗannan ba su cika wahalar da mai fassara ba. Hoto hoto ne a kowane harshe, haruffan sassaƙa kuma ana iya sake su.

Na 1975 ne mai ƙashi. A nan 'yan Bikin, mayaƙan teku na arewacin Turai, suna magana da haruffa na kullum, sai dai an soke kowane o da sanda ya zama ø, an ɗora wa a ɗan zobe ya zama å. Ga Bafaranshe da Baturen Ingila wannan ado ne, suna karanta kalmar yadda suka saba, suna murmushi. Har karen baƙin ma haushinsa da alamomin yake fita. Amma ga ɗan Denmak ko Nowe, ø da å haruffa ne masu zaman kansu, kowanne da sautinsa, kuma idonsa ba zai iya ƙin furta su ba. Abin da ya zama ado a Paris ya zama kuskuren rubutu a Kofanhegan.

Fostocin fim sun fi kowa faɗawa wannan rami. Fostar fim ɗin Borat na 2006 ta sa harafin Rashanci Д a gurbin A, don ya yi kama da shi a ido. A Rashanci kuwa wannan harafi sautin d yake bayarwa, don haka duk wanda ya iya karatun yake ganin sunan ya koma wani abu da ba ya furtuwa. Haka Я da ake sawa a madadin R, alhali sautinsa ya ne. Mu ma mun san irin wannan. Wanda ya yi makarantar allo, in ya ga fostar da aka lanƙwasa haruffan boko don su yi kama da Larabci, sai idonsa ya fara daga dama yana neman lam da alif, ya tarar babu komai. Irin wannan wasa yana cin wanda bai iya rubutun da ake kwaikwaya ba ne kawai.

A ce za a mayar da shafin tafinta Hausa

Mu ɗauki wannan shafi mu ga abin da zai faru a teburin aiki. Tambayar farko ita ce me Bahaushe yake ji in ya ga haruffan Gotik. Ba ya jin sojan Jamus. Takardar shaidar kammala makaranta yake tunawa, ko katin ɗaurin aure, ko sunan jarida a saman shafin farko. Wato a wurinmu haruffan alfarma ne. Aikin farko, na raba murya, zai tsira. Na biyu ya tafi.

Wani zai ce a rubuta maganar Gotawa da ajami mana, tunda muna da rubutu biyu. Shawarar tana da daɗin ji, amma ba za ta yi ba. Ajami ba baƙo ba ne a wurinmu, rubutun malamai ne da wasiƙun iyaye, sai a wayi gari an mayar da mahara 'yan gida, an kuma jawo addini cikin wasan da ba ruwansa. Ban da haka, ba kowane mai karanta boko ne ke karanta ajami da sauri ba, ga shi kuwa duk dariyar ta dogara ne kan mai karatu ya ji ɓangarorin biyu a lokaci guda.

A ganina a bar Gotik ɗin, a nemo abin da ya ɓata ta wata ƙofa. Wannan ita ce hanyar Anthea Bell da Derek Hockridge, waɗanda suka fara mayar da Asterix Ingilishi a 1969: in wasa ya ƙi ƙetarawa a wannan balan-balan, sai a biya mai karatu da wani a na kusa. Tsawar sojan da haruffa suka kasa kawowa, kalmomi za su iya. A ba Gotawa gajerun jimloli na umarni, babu sallama, babu don Allah, babu ranka ya daɗe sai daga bakin tafinta mai rawar jiki. Sarki ya ce, “Tambaye shi. Yanzu.” Akwai jarabar a ba su Hausar bariki mai karyayyen nahawu, irin yadda ɗan wasan kwaikwayo ke karya harshe in zai fito a baƙo. Wannan kuskure ne, domin Gotawa ba yaren wani suke karyawa ba, nasu suke yi, kuma daidai suke yin sa. In aka karya musu Hausa, ranar da boka ya yi magana da yarensu sai ya zama kamar shi ne ya ruɗe, alhali wurin yana nuna ya fi kowa wayo ne.

Sai a zo ga haruffan kansu, inda Hausa ke da nata ciwon kai. A Gotik na asali ƙaramin k yana da wata lanƙwasa a ka tun fil'azal, har ya fi kama da ƙ ɗinmu. In aka bar shi haka, baki da baƙi sun zama ɗaya. Harafin d kuwa wuyansa hagu yake kwantawa, alhali ƙugiyar ɗ dama take kallo, dole mai zane ya miƙar da wuyan kafin ya rataya ƙugiya. Akwai kuma dogon s na tsohon rubutun Jamus, wanda ɗan gajeren layi ne kawai ya raba shi da f. A Hausa wannan na iya mayar da sata ta koma fata, don haka a jefar da shi, a yi amfani da s na kullum. Kada kuma a rubuta Gotik da manyan baƙaƙe zalla, ko Bajamushe ba ya iya karanta shi haka. Abin da ake nema shi ne haruffan da suka isa a ce baƙi ne da kallo ɗaya, amma yaro ɗan aji huɗu ya karanta ba tare da ya tsaya ba. In ya tsaya yana haɗa baƙi, lokacin dariyar ya wuce.

Balan-balan ɗin maganar ma ba ya faɗaɗa. Uderzo ya zana shi daidai tsawon jimlar Faransanci, yana kewaye da fuska da takobi da ba a taɓawa. Gotik kuma ba ya jure matsi, in aka ƙanƙanta shi sai ƙafafun m da n da u su haɗe su zama shinge. Kalma irin “munanan” a ƙaramin Gotik sanduna ne kawai a jere. Don haka mai fassara yakan rage jimlar ne, ba girman harafin ba, kuma wani lokaci yakan canza kalma sukutum saboda siffarta a ido. Girman ma magana ne: inda sarki ya daka tsawa haruffan suka kumbura suka cika balan-balan, dole su kumbura a Hausa, ko da kalma ɗaya ce za ta shiga.

Mafi tsada su ne sautukan da aka zana cikin hoton kansa, irin ƙarar naushin Obelix, abokin Asterix, da ke tashi da Barume sama. Waɗannan ba a cikin farin fili suke ba, sun hau kan sararin sama da bishiya. In za a sa “tim” ko “ƙwal” ko “ragwajab”, sai an goge na asali, an sake zana abin da ke bayansa, sannan a zana sabon da kauri da karkata irin na da. Shi ya sa mawallafa da yawa ke barin su yadda suke. Hausa kuwa a nan take da arziki, asara ce a bar shi.

Daga takarda zuwa waya

Hotunan barkwancin intanet, waɗanda matasa ke kira mim, sun gaji wannan matsala, sai dai su babu mawallafi, kowa da wayarsa. Farin rubutun nan mai kauri da baƙin gefe, sama da ƙasan hoto, sunansa Impact. Geoffrey Lee ne ya zana shi a Ingila a 1965 don kanun talla, kuma ya bazu ne saboda Microsoft ya raba shi tare da kwamfutoci tun shekarun 1990. An zaɓe shi don fari mai baƙin gefe yana karantuwa a kan kowane irin hoto. Yau da gobe sai ya zama sanarwa da kansa: kafin ka karanta ka san wasa ne.

Matsalar ita ce Impact ɗin da aka saba da shi ba shi da ɓ da ɗ da ƙ, balle ƴ da ake rubutawa a Nijar. Ka rubuta KUƊI SUN ƘARE, ɗayan biyu zai faru. Ko dai manhajar ta sa ɗan akwati fanko a gurbin harafin, ko ta aro shi daga wani zubin, sai ka ga siririn Ƙ tsaye a gaban ARE masu ƙiba kamar ba gidansu ɗaya ba. Yawancin mutane sukan cire ƙugiyar su huta, kuma sau da yawa mai karatu yana cikewa da kansa. Amma barkwanci ya fi son daidai wuraren da ƙugiya ke raba ma'ana, kare da ƙare, kafa da ƙafa, kuma a nan ne cirewar ke kashe wasan ko ta haifo wanda ba a nufa ba.

Gwajin ba shi da wuya. Kafin a fara aiki da kowane zubi, a rubuta wannan layi a ƙara girmansa:

```
Ɓɓ Ɗɗ Ƙƙ Ƴƴ BDKY
```

In kaurin masu ƙugiya bai yi daidai da na huɗun ƙarshe ba, aro aka yi. Zubi irin Noto Sans da Andika suna da su duka, sai dai ba su da faɗin kan Impact. Masu haƙuri sukan rubuta K na Impact, su zana masa ƙugiya da kaurin sandarsa, su haɗe su, sannan su sa baƙin gefen a ƙarshe. In aka sa gefen tun farko, layi zai ratsa tsakanin harafi da ƙugiyarsa, ɗinkin ya fito.

Wani mim ɗin kuma ba zubin ne wasan ba, yadda aka jera baƙaƙen ne. Na SpongeBob da ya ɓarke a 2017 yana maimaita maganar mutum da cakuɗa manya da ƙananan baƙaƙe, don a ji muryar gatse. Wannan yana shiga Hausar boko ba gyara: “zAn BiYa kA gObE” ya isa ya tuna wa kowa wani mai cin bashi. Amma a ajami ko Larabci babu babban baƙi da ƙarami, dole a nemi wata hanyar, ko jan harafi fiye da kima ko wargaza layin.

Wanda ya fi koyar da mai fassara shi ne Doge na 2013, hoton wata karyar Japan mai suna Kabosu tana harara ta gefen ido, an warwatsa mata gajerun kalmomi masu launi-launi. Zubin shi ne Comic Sans, wanda Vincent Connare ya zana wa Microsoft a 1994 yana kwaikwayon rubutun littattafan zane, kuma masu sana'ar zane suka daɗe da raina shi a matsayin rubutun yara. Wannan rainin ake so, domin tunanin kare ne ake nunawa. Sai dai rabin wasan yana cikin nahawu. Kalmomin ƙarfafawa na Ingilishi ne ake haɗawa da abin da ba su dace da shi ba, da gangan, kuma bisa tsari. Wanda ya fassara su ɗaya bayan ɗaya zai sami “mamaki da yawa” da “kyau sosai”, Hausa lafiyayya wadda ba ta ba kowa dariya.

Sai an nemo dokar da Bahaushe ba ya karyawa ko cikin barci, a karya ta. Muna da ita a kalmomin da ke bin siffa: fari fat, baƙi ƙirin, ja wur, zafi zau, sabo fil. Kowace da abokin zamanta, ba a musanya su. A warwatsa wa karyar “fari ƙirin” da kore, “sanyi zau” da ruwan hoda, “tsoho fil” da shuɗi, duk da ƙananan baƙaƙe, kowanne a karkace a nasa lungun hoton. Ƙ ɗin “ƙirin” kuwa sai an zana masa ƙugiya da hannu, domin Comic Sans ma bai zo da ita ba.